Yadda ake duba sharaɗin gwaji, notis da kuɗin sallama kafin sa hannu a kwantiragin aikin ofis a Saudiyya

Wanda ya samu aikin ofis a Jidda ko Riyad ko Madina, idan aka turo masa kwantiragi, idonsa kan albashi yake fara sauka, daga nan sai ya danna amincewa. Amma kuɗin da ake rigima a kansu a ƙarshe ba albashin wata ba ne. Kuɗin rabuwa ne, kuma layuka huɗu ko biyar ne kacal a cikin takardar suke yanke su: tsawon gwaji, ranar ƙarewar kwantiragi, wa'adin sanar da ƙin sabuntawa, diyyar da aka ƙayyade, da yadda aka rarraba albashi. Waɗannan layukan za mu bi ɗaya bayan ɗaya, ɗan'uwa, da lissafin riyal a hannu.

Maganar ta shafi ma'aikacin kamfani mai zaman kansa, irin akawu, sakatare, mai karɓar baƙi ko mai kula da takardu, wanda Dokar Ƙwadago ta Saudiyya ta 2005 ta rufe. Masu aikin gida da direbobin gida tsarinsu daban yake, kada su ɗauki wannan lissafi su kai wa kafilinsu, wato wanda ya ɗauke su aiki ya tsaya musu a ƙasar. Kuma an yi wa dokar gyara mai yawa da ya fara aiki ranar 19 ga Fabrairu, 2025. Saboda haka dattijon da ya shekara ashirin yana aiki a ƙasar zai iya ba ka shawara da zuciya ɗaya, amma ta zama ta tsohuwar doka ce, musamman kan gwaji da ajiye aiki.

Mataki na farko: gane irin kwantiragin da ke hannunka

Komai a kan wannan yake zaune. Kwantiragi iri biyu ne, mai wa'adi da marar wa'adi. Hausawa kuma a Saudiyya kashi biyu muke. Akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zo aikin Hajji tun da daɗewa suka zauna, akwai kuma masu iƙama, wato baƙi masu takardar izinin zama, ko an haife su a Makka ko jiya suka sauka daga Kano ko Yamai. Ɗan ƙasa yana iya samun kwantiragi marar wa'adi, kuma ko mai wa'adi aka ba shi, idan aka sabunta sau uku a jere ko aka cika shekara huɗu ana ci gaba da aiki, sai ya rikiɗe ya zama marar wa'adi. Mai iƙama ba haka ba ne. Sashe na 37 ya ce kwantiragin wanda ba ɗan ƙasa ba dole ya zama rubutacce kuma mai wa'adi. Idan ba a rubuta wa'adin ba, doka ta ɗauke shi a matsayin shekara ɗaya daga ranar da ka fara aiki, in an ci gaba kuma ya sabunta da wata shekarar. Ko shekara goma sha biyar ka yi a kamfani ɗaya, kana nan a mai wa'adi.

Ka buɗe kwantiragin a manhajar Qiwa, inda kamfani yake shigar da shi kai kuma ka amince ko ka ƙi. Wannan shi ne wanda hukuma take gani. Takardar tayin aiki da aka turo maka tun kana gida, ka ajiye ta gefe ka kwatanta layi da layi, domin yakan faru a yi alkawari a can a rubuta wani abu daban a nan. Idan an rubuta da Larabci da Turanci, na Larabcin ake bi in sun saɓa. Wanda Larabcinsa na kasuwa ne kawai ya nemi mai karatu ya zauna da shi, babu kunya a ciki. Ka duba kuma da wace kalanda aka yi lissafi, domin doka tana ƙirga kwanaki da watannin Hijira sai idan kwantiragi ya ce na Miladiyya.

Domin lissafi ya fito fili, mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi har ƙarshe. A ce kai mai iƙama ne, an ɗauke ka akawu a wani kamfani a Jidda. Asalin albashi riyal 4,000, kuɗin gida 1,000, kuɗin mota 400. Jimla riyal 5,400 a wata, wato 180 a rana idan aka raba da 30. Kwantiragin na shekara biyu ne, daga 1 ga Oktoba, 2025 zuwa 30 ga Satumba, 2027.

Mataki na biyu: lokacin gwaji

Nemi layin da aka rubuta tajriba, wato gwaji da Larabci. Doka ta ce dole a ambaci gwaji a fili cikin kwantiragi, a kuma faɗi tsawonsa. Idan babu wannan layin, babu gwaji, kome manaja ya faɗa da baki ranar da ka fara. Idan akwai, iyakarsa kwana 180 gaba ɗaya. A da kwana 90 ne, sai an sake rubuta yarjejeniya kafin a ƙara zuwa 180, amma yanzu kamfani yana iya rubuta 180 tun ranar farko. Wannan wata shida ne kusan cif da za a iya ce maka gobe kada ka zo, ba notis, ba diyya, ba kuɗin sallama. Albashin kwanakin da ka yi aiki kam naka ne, ba mai hana ka. Shi ya sa idan ka ga 180, ka roƙi a mayar da shi 90. Aikin akawu ko sakatare ba ya buƙatar rabin shekara kafin a gane ko mutum ya iya, kuma roƙon bai taɓa zama laifi ba. In sun ƙi, aƙalla ka shiga da saninka, kada ka kama hayar gida ta shekara ko ka fara shirin ɗauko iyali kafin wa'adin ya wuce.

Sai ka ɗauki kalanda ka ƙirga kwanakin da yatsa, kada ka ce wata uku ka wuce. A misalinmu, kwana 90 daga 1 ga Oktoba: Oktoba 31, Nuwamba 30, sun zama 61, saura 29. Gwajin zai ƙare ranar 29 ga Disamba, ba 31 ba. Wannan kwana biyun suna da nauyi. Idan takardar sallama ta zo ranar 30 ga Disamba da sunan ka faɗi gwaji, ta makara, kuma lissafin diyya ne ya hau kansu. Amma akwai kwanakin da ba a ƙirga su cikin gwaji: hutun ƙaramar Sallah, hutun babbar Sallah, da hutun rashin lafiya. In ka kwanta kwana biyar a Nuwamba da takardar asibiti, gwajinka ya matsa zuwa 3 ga Janairu. Ka rubuta wannan ranar a wayarka, kada ka dogara da ƙwaƙwalwar ma'aikacin da ke kula da fayil ɗinka.

Damar fita a lokacin gwaji ta ɓangare biyu ce. Kai ma in ka ga wurin bai yi maka ba, kana iya ajiyewa ba tare da ka biya diyya ba. A tsohuwar doka kamfani yana iya keɓe wa kansa wannan damar shi kaɗai, gyaran 2025 ya bai wa kowa. Sai dai mai iƙama ya yi tunani sau biyu, domin zamansa a ƙasar a ɗaure yake da aikin, kuma doka ta ce kuɗin jirgin komawa gida yana kan ma'aikaci idan bai dace da aikin ba ko ya so komawa ba da wani dalili karɓaɓɓe ba. Kada ka fita sai ka san inda za ka sa ƙafa.

Abu na ƙarshe a nan: ba a sa mutum gwaji sau biyu a wurin mai aiki ɗaya. Keɓancewar ita ce idan an mayar da kai wani aiki daban, ko an yi aƙalla wata shida da rabuwarku ka dawo, kuma ko a nan sai da yarjejeniya a rubuce. Idan aka zo sabunta kwantiragi ka ga an sake cusa layin gwaji alhali kujerarka ba ta canza ba, kada ka amince, ka mayar musu su cire.

Mataki na uku: notis, inda aka fi ruɗewa

Za ka ji ana cewa notis a Saudiyya kwana 30 ne ko 60. Gaskiya ne, amma na kwantiragi marar wa'adi ne. Sashe na 75 ya ce wanda ake biya wata-wata, idan shi ne zai tafi ya ba da kwana 30 a rubuce, idan kamfani ne zai sallame shi ya ba shi kwana 60, kuma da dalili karɓaɓɓe. Wanda bai cika notis ɗin ba zai biya ɗayan albashin kwanakin. In kamfani ne ya ba da notis, ma'aikaci yana da damar ɗaukar yini guda a mako, ko awa takwas a rarrabe, ya je neman wani aiki ba a yanke masa ko sisi ba. Ɗan ƙasa mai kwantiragi marar wa'adi, wannan ne lissafinsa.

Mai iƙama kuwa, kwantiraginsa alkawari ne zuwa wata rana. Ba ya isa ya rubuta takardar kwana 30 ya ɗauki jakarsa, kamar yadda kamfani ba ya isa ya ba shi kwana 60 ya ce an gama. Hanyoyin fita lafiya guda uku ne a aikace: a kai ƙarshen wa'adi ba a sabunta ba, ko ɓangarorin biyu su amince a rabu kuma amincewar ma'aikaci ta zama a rubuce, ko ma'aikaci ya miƙa takardar ajiye aiki a karɓa.

Hanya ta farko ita ce mafi riba, kuma ita ce ake yawan ɓatawa da sakaci. Galibin kwantiragi suna da layin da ke cewa zai sabunta da kansa sai idan ɗaya ya sanar da ɗaya a rubuce kafin ƙarewa da kwana kaza. Wannan adadin kwantiragi ne yake yanke shi, wani 30, wani 60, wani 90. A ce naka 60 ne. Ƙarewa 30 ga Satumba, 2027, ke nan ranar ƙarshe ta sanarwa 1 ga Agusta. In ka bari sai tsakiyar Agusta, kwantiragin zai sabunta, ka sake shiga wani wa'adin, fitarka kuma ta koma ajiye aiki da ragin kuɗin da za mu gani nan gaba. Ka aika sanarwar tun cikin Yuli, ta Qiwa da kuma imel na ofis, ka ajiye hoton shafin da ya nuna kwanan wata. Takardar kuma ta ce ƙarara ba ka son a sabunta kwantiragi idan ya ƙare ranar kaza. Kada kalmar istiƙala, wato ajiye aiki, ta fito a cikinta ko sau ɗaya. Akwai ofisoshin da za su miƙo maka fom ɗinsu na ajiye aiki su ce duk ɗaya ne, cika kawai. Ba ɗaya ba ne.

Idan kuwa dole ce ta sa za ka tafi a tsakiyar wa'adi, ga tsarin da gyaran 2025 ya shimfiɗa. Ka miƙa takardar ajiye aiki a rubuce, ba tare da gindaya sharaɗi ba. In kamfani ya yi shiru har kwana 30, doka ta ɗauka an karɓa. Kamfani yana da damar jinkirta karɓa har zuwa kwana 60 idan aiki ya buƙaci haka, amma sai ya ba ka bayani a rubuce kafin kwana 30 ɗin farko su cika. Kai kuma kana da kwana bakwai ka janye takardar, muddin ba a riga an karɓa ba. Abin da ya fi muhimmanci: duk tsawon wannan jira kwantiragi yana raye, sai ka ci gaba da zuwa aiki kamar kullum. Wanda ya miƙa takarda ranar Alhamis ya daina zuwa ranar Lahadi ya ba su igiyar da za su ɗaure shi da ita. Rashin zuwa ba dalili fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da 30 a warwatse cikin shekarar kwantiragi, yana ba kamfani damar kora a ƙarƙashin sashe na 80 ba notis ba kuɗin sallama, bayan gargaɗi a rubuce da za su yi maka a kwana na 10 ko na 20.

Mataki na huɗu: layin diyya

Wannan layin gajere ne, yakan zo can ƙasa, kuma shi ne mafi tsada a takardar. Sashe na 77 ya ce idan ɗaya ya soke kwantiragi ba da dalili karɓaɓɓe ba, zai biya ɗayan diyya. Idan kwantiragi ya ƙayyade adadin, shi ake bi. Idan bai ƙayyade ba, doka ta yanke: a marar wa'adi albashin kwana 15 kan kowace shekarar aiki, a mai wa'adi albashin duk watannin da suka rage, kuma a duka biyun ba zai gaza albashin wata biyu ba.

Mu sa riyal. An sallame ka ƙarshen Mayu, 2026, bayan wata takwas, ba ka yi laifin komai ba, kawai an kawo wani. Saura wata 16. Idan kwantiragi bai ce komai kan diyya ba, 16 sau 5,400 ya ba da riyal 86,400. Idan kuwa akwai layin da ya ce diyya albashin wata biyu ce, 10,800 za ka samu. Tazarar riyal 75,600 ce, a kan jimla ɗaya da ba ta kai kalma ashirin ba.

Sai dai kada ka yi saurin cewa a goge layin. Diyyar nan tana cin kowane ɓangare. Idan kai ne ka tsallake a wata na takwas ba a karɓi takardarka ba, kamfani ne zai iya neman 86,400 ɗin a wurinka, kuma ba na jin akwai akawu mai albashin 5,400 da zai iya ɗaukar wannan. Don haka ka tambayi kanka gaskiya. In aikin nan kake so ka riƙe, ka bar wani aiki a gida dominsa, rashin layin ya fi kare ka, domin korarka za ta yi musu tsada. In kuwa tsani ka ɗauke shi, kana sa ran samun wanda ya fi shi nan da shekara, layin wata biyu da gajeren wa'adi sun fi maka sauƙi. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne layi mai karkata, wanda ya ce su za su biya wata biyu kai kuma ka biya ragowar wa'adi. Ka nemi a daidaita, adadi ɗaya ga kowa. Tun ran gini ran zane, bayan ka danna amincewa sai yadda suka ga dama.

Akwai kuma sashe na 81, wanda yake ba ma'aikaci damar barin aiki ba notis kuma haƙƙinsa na nan cikakke, idan kamfani ya ƙi cika manyan alkawuransa kamar biyan albashi, ko ya yaudare shi kan sharuɗɗan aiki tun farko, ko ya ɗora shi kan aikin da ya sha bamban da wanda aka yi yarjejeniya ba da yardarsa ba, ko aka ci zarafinsa. Ƙofa ce ta gaske, amma kai za ka kawo hujja. Kada ka bi ta sai kana riƙe da bayanan banki da ke nuna watannin da ba a biya ba da saƙonnin da ka aika kana nema, kuma ka fara kai ƙorafi ma'aikatar ƙwadago kafin ka daina zuwa.

Mataki na biyar: lissafin kuɗin sallama

Kuɗin sallama, wanda kowa a nan yake kira mukafa'a, daban yake da diyya. Ana iya samun duka biyun a lokaci ɗaya. Ƙa'idar sashe na 84 mai sauƙi ce: rabin albashin wata kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan haka. Da albashin ƙarshe ake lissafi, ba na farko ba, kuma guntun shekara ana biyansa gwargwadonsa.

Albashin da ake nufi shi ne wanda kake karɓa a zahiri, wato asali haɗe da alawus ɗin da ake ba ka kowane wata. A misalinmu 5,400 ne, ba 4,000 ba. Rabinsa 2,700. A nan ne ake yawan rage wa mutane ba su sani ba: mai lissafin kamfani ya ɗauki asalin albashi kaɗai ya ba ka 2,000 a shekara, kai kuma ka yi godiya. Abin da doka ta yarda a cire, idan an amince a kai, shi ne irin kamisho da kason ciniki, waɗanda suke hawa da sauka. Sharaɗin da ya rage maka abin da doka ta ba ka ɓatacce ne bisa sashe na 8, ko da ka sa hannu. Duk da haka gara a gyara shi tun yanzu da a je ana jayayya a kansa bayan shekara biyar.

Yanzu duba yadda hanyar fita take canza kuɗin. Ka cika shekara biyu, kwantiragi ya ƙare, ba a sabunta ba, ko kai ka ƙi ko su: 2,700 sau biyu, riyal 5,400 cif. Sallamar nan ta wata takwas da muka yi magana: kashi takwas cikin sha biyu na 2,700, wato 1,800, a kan diyya. Amma in ajiye aiki ka yi, sashe na 85 ne yake aiki. Ƙasa da shekara biyu, babu ko riyal ɗaya. Daga shekara biyu zuwa biyar, kashi ɗaya cikin uku. Sama da biyar amma ba a kai goma ba, kashi biyu cikin uku. Sai an cika goma ake samun duka.

Ke nan wanda ya ajiye aiki a wata na 23 ya tashi hannu rabbana, alhali da ya aika sanarwar ƙin sabuntawa ya haƙura wata ɗaya, da 5,400 ya tafi. Wanda ya bari kwantiragi ya sabunta sannan ya ajiye a ƙarshen shekara ta uku, cikakken lissafinsa 8,100 ne amma 2,700 za a ba shi, ƙasa da abin da zai samu da ya tafi tun shekara guda kafin nan. In aka kai shekara bakwai da wannan albashi, biyar na farko 13,500, biyu na baya 10,800, jimla 24,300. Mai ajiyewa 16,200 zai karɓa, ya bar 8,100 a teburinsu.

'Yan'uwa mata su lura da sashe na 87. Macen da ta ajiye aiki cikin wata shida da ɗaura mata aure, ko cikin wata uku da haihuwa, cikakken kuɗin sallama take samu ba ragi. Da takardar aure ko ta haihuwa ake tabbatar da ranar, kuma in wa'adin ya wuce ko da kwana kaɗan, an koma lissafin kowa da kowa.

Mataki na shida: ranar rabuwa

Idan kamfani ne ya kawo ƙarshen aiki, mako ɗaya doka ta ba shi ya biya komai. Idan kai ne, mako biyu. Abin da za ka nema a takardar lissafi: albashin kwanakin ƙarshe, kuɗin sallama, diyya ko kuɗin notis in akwai, da kuɗin hutun shekara da ba ka ci ba. Hutun aƙalla kwana 21 ne a shekara, ya koma 30 bayan shekara biyar a jere. In kwana 10 suka rage maka, 10 sau 180, riyal 1,800. Tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi yana kan kamfani, haka kuɗin iƙama da na lasisin aiki. Kada ka yarda a zare su daga kuɗin sallamarka. Bashin da ka ci a kamfani kam suna da damar cirewa. Ka karɓi takardar shaidar aiki, kyauta ce, kuma doka ta hana a rubuta wani abin da zai ɓata maka suna a cikinta.

Za a kawo maka wata takarda, muhalasa, mai cewa ka karɓi duk haƙƙinka ba ka bin kamfani komai. Yawanci a tsaye ake miƙo ta, da biro a kai, ana cewa sa hannu yanzu kuɗi za su shiga gobe. Ka zauna. Ka fito da naka lissafin, wanda ka riga ka gwada a na'urar lissafin kuɗin sallama da ke shafin Ma'aikatar Ƙwadago da Walwalar Jama'a, ka kwatanta adadi da adadi. Ka duba dalilin rabuwa da aka rubuta a takardar da wanda aka shigar a Qiwa, domin in an sa ajiye aiki a inda ya kamata a sa ƙarewar wa'adi, lissafin duka ya canza. Ka ce da su cikin ladabi za ka sa hannu da zarar saƙon banki ya shigo. Wanda ya sa hannu cewa ya karɓa alhali bai karɓa ba, zai sha wahala kafin ya warware wannan a gaban alƙali.

In an ƙi biya ko an rage, kada ka karɓi bizar fita ta ƙarshe ka hau jirgi da alkawarin za a turo maka Kano. Ka shigar da ƙara ta hanyar sulhu a shafin ma'aikatar, ba a biyan kuɗi, kuma ana iya kiran 19911 don neman bayani. Ofishin sulhu yana da kwana 21 na aiki ya sasanta ku, in abin ya faskara sai a tura kotun ƙwadago. Wa'adin kai ƙara wata 12 ne daga ranar da aiki ya ƙare. Takardun da za a nema a wurinka su ne kwafin kwantiragin Qiwa, bayanan banki na watannin ƙarshe, takardar sallama ko sanarwar da ka aika mai kwanan wata, da duk wani gargaɗi da aka taɓa ba ka. Ka tura kwafinsu zuwa imel ɗinka na kanka tun kana bakin aiki, domin imel na ofis a ranar sallama ake rufe shi.